Kyandir, Kwalbar Tsinkaye ko Feshi: Wanne Ya Dace da Ɗakinki?

A da idan uwargida tana son ɗaki ya ɗau ƙamshi, garwashi take zubawa a kasko ta barbaɗa turaren wuta. Har gobe turaren wuta yana nan da martabarsa, sai dai yanzu ya samu abokan zama uku a kantunan kayan ɗaki da cikin jeren amare: kyandir mai ƙamshi, da kwalbar turare mai tsinkaye wadda 'yan kasuwa ke ce wa difuza, da gwangwanin feshi. Yawancin masu saye kuɗin da ke jikin kaya suke dubawa, su buɗe murfi su shinshina, shi ke nan. Abin da ya kamata a tambaya kuwa shi ne kwana nawa abin zai yi, kuma wa ke kwana a ɗakin.

Mu ɗauki ɗakin kwana mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, da fanka a sama. Farashi yana canzawa daga kanti zuwa kanti, don haka mu ƙaddara kowanne cikin ukun naira 6,000 aka sayo shi, don lissafi ya zo da sauƙi.

Kyandir na cikin kofin gilashi mai nauyin giram 200 yakan yi kamar awa 40 yana ci. Kowace awa ta tashi a naira 150 ke nan. Idan ana kunna shi awa biyu kowane dare, kwana 20 zai yi, a wata a kashe naira 9,000. Kwalbar tsinkaye mai mililita 100 takan kai wata biyu zuwa uku. Ko a ce wata biyun ne, naira 100 ce a rana, 3,000 a wata, kuma dare da rana take aiki. Feshi na hannu ba ya lissafuwa, domin ya danganta da nauyin hannun mai gida. Amma na'urar bango mai fesawa da kanta tana da lissafi: gwangwaninta yana ɗauke da fesawa kamar 2,400. In an saita ta a minti 36, sau 40 za ta fesa a yini da dare, gwangwani ya yi kwana 60. In aka mai da ita minti 9, fesawa ta zama 160, gwangwanin nan ya ƙare a kwana 15, kuɗin wata ya tashi daga 3,000 zuwa 12,000, ban da batir. Ɗan maɓallin nan da ba a kulawa da shi, shi ke cinye kuɗin.

Wajen ƙarfi, feshi ne kan gaba, kuma shi ke rigan kowa gudu. Nan take zai cika ɗaki, kafin baƙi su gama gaisawa su sha ruwa ya fara dusashewa. Kyandir sai saman kakinsa ya narke sannan ƙamshi ke tashi, domin narkakken kakin ne ke sakin turaren. Shi ya sa ranar farko ake barin sa ya ci har saman ya narke daga gefe zuwa gefe, kamar awa ɗaya ga kowane santimita biyu da rabi na faɗin kofin. Wanda ya kashe da wuri zai ga rami yana zurfi a tsakiya, kaki ya maƙale a gefe bai ƙone ba, an yi asarar kuɗi. Kwalbar tsinkaye ita ce mafi sanyin hali. Tsinkayen suna da ƙananan hanyoyi a cikinsu, turare yana hawa ta nan ya bi iska. Ta ishi ɗakinmu na misali ko banɗaki, amma a babban falo da wuya a san tana nan.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Zafin bazara da iskar fanka suna shanye kwalbar da sauri, wata ukun da aka rubuta a kwali ya koma bai kai biyu ba. Da hunturu kuma ƙura ke toshe tsinkayen. Alamar ita ce turare yana nan a kwalba, amma saman tsinke ya bushe, ƙamshi ya ɗauke. Juya su sau ɗaya a mako yana taimakawa, in sun toshe sarai sai a sake sababbi. Kafin a zargi mai kanti da sayar da jabu, a tuna hanci yana sabawa: wanda ya wuni a ɗaki yakan daina jin ƙamshin da baƙo zai ji tun daga ƙofa. Wannan sabon ne ke sa mutane su riƙa ƙara feshi har yara su kama tari.

Haɗarin kyandir a fili yake, wuta ce. Labule da gidan sauro su ne abin tsoro, musamman idan fanka na kaɗa su. Kada ya wuce awa 4 a kunne, a datse lagwani ya rage kamar rabin santimita kafin kowace kunnawa. Dogon lagwani ne ke kawo harshen wuta mai rawa da baƙin hayaƙin da ke ɓata bakin kofi da silin. Idan kaki ya rage kamar santimita ɗaya a gindi, a haƙura da shi, domin gilashin na iya fashewa saboda zafi. In kuma kakin ya kama da wuta, murfin tukunya ake kifawa a kai. Ruwa fantsamar da shi zai yi. Kuma ba fitilar kwana ba ce don an ɗauke wuta.

Gwangwanin feshi yawanci iskar butan da furofan ke tura turaren waje, irin wadda ke cikin tukunyar gas ta girki. Fesa shi kusa da risho ko garwashin turaren wuta ganganci ne. A jikinsa akan rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, motar da aka rufe a rana a watan Afrilu kuwa tana wuce haka. Kada a huda shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Ga mai asma da jariri, feshi ne ya fi takura, saboda ƙananan ɗigonsa suna shawagi a iska a shaƙe su. A fesa lokacin da ba kowa, a bar taga a buɗe na ɗan lokaci.

Ni a ganina kwalbar tsinkaye ce aka fi raina wa haɗari. Ba wuta, ba hayaƙi, sai a ajiye ta a kan durowar gefen gado. Alhali bakinta a buɗe yake, ruwan cikinta mai launi ne, yana ƙamshin lemo ko alawa, ga tsinkaye da ke jan hankalin yaro mai rarrafe. Abin da ke ciki man turare ne da aka narkar a sinadarai, wasu ma suna kamawa da wuta. In ya shiga ido yana ƙuna, in ya zube a kan katako yana cin fenti, in yaro ya sha yana iya sa shi amai da magagi, ko ya sarƙe ya gangara huhu. Idan haka ta faru, kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. A goge masa baki, a garzaya asibiti da kwalbar da kwalinta a hannu don likita ya ga abin da ke ciki. In ido ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 15.

Saboda haka a ɗakin misalin nan, in ba ƙaramin yaro, kwalbar ce ta fi arha kuma ta fi dacewa. In akwai mai rarrafe, ko dai ta hau can saman kabad inda kujera ba za ta kai shi ba, ko a haƙura da ita har ya yi wayo, a riƙa ɗan feshi da rana kafin a shigo da shi.