Shuɗi Ko Fari: Yadda Ake Dasa Ƙwayar Gado a Cikin Bakteriya

A shekarar 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a Amurka cewa ana iya yanko gutsuren DNA a dasa shi cikin bakteriya, ta riƙa hayayyafa da shi. Almakashin aikin wasu sinadarai ne da bakteriya ke kare kanta da su daga ƙwayoyin bairos. Ɗaya daga cikinsu, EcoRI, ba ya yanka sai inda ya tarar da jerin GAATTC. Nan yake raba G da A, ya bar ɗan baki mai neman abin da zai manne da shi.

Abin da ake dasa ƙwayar gadon a ciki shi ne filasmid, ƙaramin zoben DNA. Ɗauki pUC19, mai tsawon haruffa 2,686. Yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke sa bakteriya jure wa maganin ampisilin, da wani ɓangare na lacZ, kuma gurbin da EcoRI ke yankawa yana cikin lacZ ɗin. Idan aka yanka zoben da ƙwayar gadon da sinadari iri ɗaya, bakunansu za su dace, sai sinadarin ligas ya ɗinke su. Daga nan a gauraya da bakteriyar E. coli a kan ƙanƙara, a tsoma cikin ruwa mai zafin digiri 42 na ƙasa da minti ɗaya, wasu su haɗiye zoben.

To, wacce ta haɗiyi me? Ana shafa su a faranti mai ampisilin da X-gal da IPTG, su kwana a digiri 37. Wadda ba ta sami zobe ba ba za ta tsiro ba. Wadda ta sami zoben da ya rufe kansa babu komai a ciki, lacZ ɗinta na aiki, za ta farfasa X-gal, curinta ya fito shuɗi. Amma inda ƙwayar gadon ta shiga, ta katse lacZ, curin zai fito fari. Shuɗin ne ke ɗaukar ido, farin ne abin nema.

Sai dai fari ba shaida ba ne. Wani tarkacen DNA na iya shiga gurbin, kuma ƙwayar gadon kanta na iya shiga a juye, tunda bakunan biyu iri ɗaya ne. Shi ya sa gwanaye ke haɗa sinadarai biyu, kamar EcoRI da BamHI. Farantin da ya daɗe kuwa yakan fito da 'yan mitsi-mitsin fararen curi kewaye da manya, inda ampisilin ya lalace. Waɗannan ba su da zoben ma. Don haka sai an tsinci fararen, an fitar da filasmid ɗinsu, an sake yankawa an auna tsawon gutsattsarin, ko an karanta jerin haruffan, kafin a ce dashen ya kama.