Ranar da keken ɗinki ya tsaya: tanadin lafiya ga mai cin gashin kansa

Mu ɗauki wani tela a Getso, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, abin da allura ta kawo shi ne abin da tukunya za ta gani. A watan Agusta, lokacin da sauro ya fi yawa, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana goma. Asara biyu ce ta same shi a lokaci guda: kuɗin da ya fita zuwa asibiti da kantin magani, da kuɗin da bai shigo ba saboda shago na rufe. Ma'aikacin gwamnati da ya kwanta a gadon da ke kusa da nasa albashinsa na tafiya, kuma an riga an cire masa kuɗin kula da lafiya tun kafin ya karɓa. Tela, da birkila, da mai gyaran waya, da mai ɗaukar hoton biki, dole su gina wa kansu waɗannan abubuwa biyu, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne rajistar lafiya. A shekarar 2016 jihar Kano ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da KSCHMA. Tsarin shi ne jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya, wanda ya kamu da ciwo a yi masa magani daga ciki. An fara da ma'aikata, amma akwai ƙofa ga masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, su biya na shekara da kansu. A matakin tarayya kuma, dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, kuma hukumar tana da shiri mai suna GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi. Kafin telanmu ya biya ko sisi, ya fara tambaya a asibitin mazaɓarsa ko iyalinsa sun cancanci shiga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta tanada domin marasa ƙarfi, irin su masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Guraben ba su da yawa, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Ranar rajista ya tafi da lambar NIN ta kowa, kuma kada ya taso sai ya ji amsar tambayoyi uku. Nawa ne na shekara, na mutum ɗaya ne ko na iyali? Kwana nawa za a jira bayan biya kafin katin ya fara aiki? Wannan jiran shi ya sa rajista a ranar ciwo ba ta da amfani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta uku, wane asibiti za a rubuta masa? A nan mutane suka fi yin kuskure. Katin yana ɗaure ne da asibitin da ka zaɓa, daga can ake ba ka takardar turawa zuwa na gaba. Mutumin Garo ko Kanwa da ya zaɓi asibiti a birnin Kano don ya fi suna, zai ga kuɗin mota ya cinye rangwamen da ya samu. Na kusa da gida ya fi, in abin ya yi tsanani a tura shi Babban Asibitin Gwarzo ko cikin birni.

Kati yana da iyaka. Ba kowace cuta ce ke cikin jerin da ake biya ba, wani lokaci maganin da aka rubuta babu shi a asibiti sai an saya a waje, kuma kati ba ya biyan motar da za a ɗauka da tsakar dare, balle cefanen gida. Nan ne aikin asusun ko-ta-kwana.

Wani zai ce ai yana adashe. Adashe yana da kyau wajen sayen sabon keke ko biyan kuɗin haya, amma kwasarka tana zuwa ne ranar da layi ya zo kanka, ciwo kuwa ba ya bin layi. Bugu da ƙari, ranar da ka kwanta ma uwar adashe tana jiran zubinka.

Ga lissafin telanmu, da alƙaluman misali waɗanda kowa zai sauya da nasa. Abin da gidansa ba zai iya rayuwa babu shi ba a wata: abinci naira 70,000, hayar shago 8,000, makarantar yara 7,000, sufuri da katin waya 5,000. Jimla 90,000. Burinsa ya tara na wata uku, wato 270,000. A watan da aka saba yana samun kamar 130,000, amma a azumi da gabanin Babbar Sallah yana kaiwa 300,000. Saboda samunsa na hawa da sauka, ba zai yanke wa kansa adadi ɗaya na kowane wata ba, kaso zai yanke. A watanni goma na yau da kullum ya cire ɗaya bisa goma na duk kuɗin da aka miƙo masa, a ranar, kafin ya shiga aljihu: 13,000 sau goma, 130,000. A watanni biyun Sallah ya cire rubu'i: 75,000 sau biyu, 150,000. A shekara ya haɗa 280,000. In aka ce rajistar iyalinsa ta ci 80,000, saura 200,000, abincin fiye da wata biyu ke nan. Shekara ta biyu zai cike gurbin. Ya kuma biya rajistar a makon Ƙaramar Sallah, lokacin da hannunsa ke da danshi, don kowace shekara sabuntawa ta faɗo a kan kakarsa.

Abu ɗaya ke rusa wannan lissafi a wurin masu sana'a: kafin alƙalami. Kuɗin da aka ba ka kafin ka gama aiki ba naka ba ne tukuna. In ka kwanta ba ka ɗinka ba, mai yadi zai zo karɓar abinsa.

Ina za a ajiye? A raba uku. Kamar 20,000 a gida, takarda a hannu, domin duk wanda ya ga ƙarancin kuɗi na farkon 2023 ya san kuɗi na iya kasancewa a banki amma su gagara fita. Uwargida ta san inda suke, tun da mai ajiyar ne wataƙila zai kwanta. Kaso mafi girma a wani asusun banki daban da wanda abokan ciniki ke turo kuɗi, mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai irin su bankin Jaiz. Abin da ya haura na wata biyu ana iya mayar da shi buhun masara da kaka ko tunkiya, don tsadar kaya tana zaizaye darajar naira. Sai dai a sani, farashin hatsi yana faɗuwa kamar yadda yake tashi, dabba tana mutuwa, kuma dillalin da ya ga gaggawa a fuskarka ba zai taya da daraja ba.

A ƙarshe, a yi wa asusun ƙa'ida tun ana lafiya: rashin lafiya, haihuwar da ta zo da tangarɗa, lalacewar kayan sana'a, gobara. Suna da biki da ragon layya ba sa ciki, domin an san ranarsu. Alamar cewa asusun ya fara zama aljihu ita ce a taɓa shi sau biyu a wata ba tare da kowa ya je asibiti ba. In an ciro don lalura ta gaskiya, kuɗin ɗinkin farko bayan an warke shi zai fara mayar da abin da aka ɗiba.