Daga 20 zuwa A1: Yadda Ake Fassara Sakamakon Bakaloriyar Nijar

Ɗaliba daga Maraɗi za ta nemi gurbi a jami'ar Najeriya, sai ta aiko wa mai fassara hoton takardar bakaloriyarta da waya. Kafin ya rubuta komai, yakan duba ko kusurwowi huɗu sun fito, ko hatimi da sa hannu na karantuwa. Inda haske ya cinye lamba, ba ya cika ta da zato, sai ya nuna cewa wurin bai karantu ba.

Wahalar tana wajen maki. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda ake auna komai bisa 20: 10 ce cin jarabawa, 12 "Assez Bien", 14 "Bien", 16 "Très Bien". WAEC kuwa daga A1 take sauka zuwa F9, kuma ƙaramar lamba ce ta fi daraja.

Ɗalibar ta samu 14. Mai gaggawa zai ninka da biyar ya ce 70 bisa 100, wato B2. Lissafin daidai ne, amma ya rage mata, domin malaman tsarin Faransa na da rowar maki, 14 ba kowa ke kaiwa ba. Shi ya sa ƙwararre ke barin 14/20 yadda yake, ya yi bayanin ma'aunin a ƙasa, jami'a ta yanke daidaiton.