Takardar da Ke Riƙe Shafin Sakamako Bayan Mai Gina Shi Ya Tafi

A makarantu da dama, shafin da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu a waya mutum ɗaya ne ya gina shi: malamin kwamfuta, ko matashin da ya zo hidimar ƙasa. Mai hidimar ƙasa kuwa shekara guda yake yi ya kama gabansa. Zango ya ƙare, malamai sun gama makin, shugaban makaranta yana tambaya, “Malam, yaushe sakamako zai hau?” Wanda aka bar wa aikin ba shi da abin dogaro sai fayil ɗaya mai suna `README.md`.

Wannan fayil rubutu ne zalla da ake ajiyewa tare da manhajar, kuma idan an ɗora aikin a GitHub, shi ne yake bayyana a shafin farko. Na kirki yana amsa tambaya uku: yadda ake girka manhajar, yadda ake saita ta, da yadda ake shigar da makin sabon zango.

Sashen girkawa ba ya buƙatar tsawo, amma sai ya faɗi takamaiman abu. Cewa “ana buƙatar PHP da MySQL” bai wadatar ba, sai an ambaci sigar kowanne, domin manhajar da aka rubuta da PHP 8 tana iya ƙin tashi a kan 7.

Saituna sun fi jawo rigima. Yawanci suna zaune ne a wani fayil mai suna `.env`:

```
SESSION=2024/2025
TERM=2
CA_MAX=30
EXAM_MAX=70
```

Wata makaranta tana ba gwaje-gwajen cikin zango maki 30, jarrabawa 70. Wata kuma 40 da 60. Idan an bar saitin a kan 60 alhali malamai sun yi makin a kan 70, ɗalibar da ta ci 64 manhaja za ta ƙi karɓar makinta. Haka ma matakan sakamako: makarantar da ke bin tsarin WAEC tana fara A1 daga 75, C6 daga 50, F9 kuma daga 39 zuwa ƙasa, kuma dole takardar ta nuna inda ake canza waɗannan iyakoki. Kalmar sirri kam ba ta shiga README ko kusa. A faɗi inda ake sa ta da muƙamin wanda ke riƙe da ita. Makin yara amana ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023.

Sashe na uku shi ne wanda za a riƙa buɗewa sau uku a shekara, don haka shi ya fi cancantar a zauna a rubuta shi dalla-dalla. Matakin farko, tun kafin a taɓa komai, a ɗauki kwafin rumbun bayanai:

```
mysqldump -u admin -p results > backup_term1.sql
```

Daga nan a buɗe sabon zango, sannan a loda makin a fayil ɗin CSV mai irin wannan tsari:

```
admission_no,subject,ca,exam
00417,MTH,24,48
```

Ɗalibi mai lamba 00417 ya ci 24 da 48 a lissafi, jimilla 72, wato B2. To amma idan malami ya buɗe fayil ɗin da Excel ya sake adanawa, sifili biyun farko sukan ɓace, lambar ta koma 417. Manhaja ta nemi ɗalibin ta rasa, uba ya duba waya ya ga babu lissafi a sakamakon ɗansa. README mai kyau zai yi gargaɗi cewa a shigo da wannan layin lambobi a matsayin `Text`.

Akwai kuma matsalar da ta shafi Hausa kai tsaye. Idan an adana jerin sunaye a CSV na gama-gari, haruffa masu lanƙwasa sukan rikiɗe su zama alamar tambaya, Ɗanladi ya koma `?anladi`. Maganin shi ne a zaɓi `CSV UTF-8` wajen adanawa. Sai batun yaron da bai zauna jarrabawa ba: sifili za a rubuta masa, ko a bar gurbin babu komai? Sifili yana shiga lissafi ya ja matsakaicin makin aji ƙasa, don haka makaranta ce za ta yanke hukunci, takardar ta rubuta shi a fili.

Kafin a saki sakamako, a ƙirga: aji mai ɗalibai 45 da darussa 9 ya kamata ya ba da layi 405. Idan 396 aka gani, mai yiwuwa ɗalibi guda ne ya faɗi gaba ɗaya. Sai malamin aji ya zaɓi yara kaɗan ya gwada abin da ke allo da takardar makin da ke hannunsa, sannan a buɗe wa iyaye.