An je neman ƙaya an tarar da ƙullutu: yadda likita ke yanke hukunci

A ce direban tirela ne ɗan shekara 58, ya yi hatsari a hanya, aka kai shi asibiti yana kukan ƙirji da ciki. Likitoci suka tura shi hoton CT don su ga ko jini na tsiyaya a ciki. Hoto ya fito, haƙarƙari biyu sun tsage, ba jini, Allah ya kiyaye. Amma a can ƙasan takardar sakamako, likitan da ya karanta hoton ya ƙara layi biyu. Na farko: akwai jakar ruwa mai faɗin santimita 3 a ƙodar hagu. Na biyu: akwai ɗan ƙullutu mai milimita 7 a huhun dama.

Ba ɗaya daga cikin biyun da hatsarin ya jawo, ba kuma wanda ya taɓa sa shi ciwo. Sun daɗe a wurin, hoton ne kawai ya biyo ta kansu. Irin wannan tsintuwa ta zama ruwan dare, domin na'urorin yanzu suna ganin abin da na da ba sa gani, kuma mutanenmu suna yawan zuwa sikanin, wani lokaci ma ba likita ne ya tura su ba. Duk jikin da ya kwana biyu a duniya, in aka leƙa cikinsa da kyau, da wuya a rasa wani tabo.

Babban ɗansa ne ya karanta takardar, hankalinsa ya tashi. Abin da ya fi tsorata shi jakar ƙodar nan, tunda ita ce babba. Da suka koma, sai likitar ta ce: "Baba, ta ƙodar nan ku manta da ita. Ta huhun ce nake so mu sake dubawa nan da wata shida." Ɗan ya ce, "Likita, ƙaramar ce za a bi, a bar babbar?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ita ce gaba ɗaya yadda ake wannan aiki.

Abin da likitan hoto ke fara dubawa a jakar ƙoda shi ne kamanninta, girmanta yana zuwa daga baya. Bangonta siriri ne mai santsi? Ruwa ne zalla a ciki, ko akwai shinge-shinge da suka raba ta ɗaki-ɗaki? Akwai wata tsoka da ta tsiro a jikin bangon? In an yi wa mutum allurar nan ta jijiya da ke haska hoto, wani sashe na jakar ya sha maganin ya yi haske? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin abin da ya sha maganin yana da hanyar jini, ruwa kuwa ba shi da ita. Wani likitan hoto na birnin New York, Morton Bosniak, ya tsara waɗannan alamomi aji-aji a 1986, aka sabunta tsarin a 2019, har yau da sunansa ake kiransa. Wanda ya ga an rubuta Bosniak I ko Bosniak II a takardarsa, ba a buƙatar bibiya. Bosniak IIF na nufin a sake hoto lokaci-lokaci. A aji na III kusan rabi kan zama kansa, a aji na IV kuwa mafi yawansu kansa ne, shi ya sa ake tura masu su wurin likitan mafitsara. Jakar direbanmu ruwa ce zalla mai siririn bango, aji na farko. Irinta tana da yawa ƙwarai a jikin waɗanda suka haura hamsin, kuma akasarinsu har su koma ga Mahaliccinsu ba su san da ita ba.

Ƙullutun huhu ba ya bayyana kansa da sauƙi haka. Milimita 7 bai wuce ƙwayar wake ƙarama ba, kuma a wannan girma tabon tsohon ciwo da kansar da ta fara tsiro kan yi kama da juna a hoto. Wani lokaci akan yi sa'a: in ƙullutun ya daskare da sinadarin ƙashi a tsakiyarsa ko gaba ɗayansa, ya fito fari fat, to tsohon tabo ne, an gama magana. In ba haka ba, sai a koma ga awo. Ƙungiyar likitocin ƙirji da ake kira Fleischner ta fitar da jagora a 2017 wanda likitocin hoto a ƙasashe da yawa ke bi. Ga ƙullutu guda mai tauri, in bai kai milimita 6 ba, kuma mai shi ba ya cikin masu haɗari, ba sai an sake hoto ba, domin yiwuwar ya zama kansa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Daga milimita 6 zuwa 8, a sake CT tsakanin wata 6 zuwa 12. In ya haura 8, ba a dogon jira: ko a sake hoto a wata uku, ko a yi wani hoto mai zurfi da ake kira PET, ko a ɗebo ɗan nama a gwada.

Bayan awo sai mutumin kansa. Direbanmu ya sha sigari fiye da shekara ashirin kafin ya daina, wannan ya sa shi cikin masu haɗari, don haka likitar ta zaɓi farkon wa'adin, wata shida, ta kuma gaya masa tun yanzu cewa akwai hoto na uku tsakanin wata 18 zuwa 24. Ta tambaye shi ko an taɓa samun kansar huhu a gidansu. Ta sake duba bakin ƙullutun, domin mai santsi ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya yi tsika-tsika kamar yana miƙa ƙafafu cikin huhu. Wannan jagora kuma ba na kowa ba ne. An yi shi don 'yan shekara 35 zuwa sama. Wanda aka riga aka san yana da kansa a wani wuri, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, lissafinsa daban.

A ƙasashenmu akwai abin da dole likita ya ƙara a kan wannan lissafi, wato tarin fuka. Mutane da yawa sun haɗu da ƙwayar cutar tun suna yara, jikinsu ya killace ta, ta bar ɗan tabo a huhu ba tare da sun taɓa kwanciya ba. Wannan tabo kan fito a CT a matsayin ƙullutu. Tarin fuka mai rai ma yakan yi haka, kuma yakan haska a hoton PET tamkar kansa. Shi ya sa likitar ta tambayi direban ko yana tari fiye da mako biyu, ko yana zufa da dare, ko ya rame. Da ya ce e, da gwajin majina za a fara yi a ranar, ba jiran wata shida ba. Ya ce a'a.

To me ya sa ba za a huda kawai a ɗebo naman a huta da zullumi ba? Wannan ce tambayar da iyalai suka fi yi, kuma ina ganin sun cancanci cikakkiyar amsa. Allurar da za ta kai ga ƙullutu sai ta ratsa bangon ƙirji ta shiga huhu. A cikin mutum biyar da aka yi wa haka, kusan ɗaya iska kan zubo masa tsakanin huhu da haƙarƙari, wasu har sai an sa musu roba a ƙirji. Ga kuma ƙanƙantar abin: allura na iya kuskure milimita 7 ta ɗebo naman gefe, sakamako ya fito lafiya alhali ba a taɓa ƙullutun ba. A jefa mutum ɗari cikin wannan haɗari don a kama ɗaya ko biyu, waɗanda hoton wata shida ma zai kama su, ba adalci ba ne. Koriya ta Kudu ta ga irin wannan a maƙogwaro. Daga 1999 aka yawaita sikanin wuya ga masu lafiya, zuwa 2011 adadin waɗanda ake cewa suna da kansar wannan ƙullin na wuya ya ninka na 1993 sau goma sha biyar, aka yi wa dubban mutane tiyata, da yawa suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, amma yawan masu mutuwa da cutar bai sauya ba.

Jiran da likita ta ce a yi, shi kansa gwaji ne. Kansa tana girma, tabo ba ya girma. Akasarin kansar huhu mai tauri takan ninka jikinta cikin ƙasa da kwana 400. Sai dai ninkin ba ya bayyana yadda mutum zai zata: ƙullutu mai milimita 7 in ya ninka, faɗinsa kusan 9 kawai zai koma. Ke nan ana hukunci ne a kan milimita biyu, kuma bambancin da bai kai biyu ba ana ɗaukarsa kuskuren awo. Wannan ne dalilin da ya sa sake hoto bayan mako uku ɓarnar kuɗi ne, ba abin da zai nuna. Shi ne kuma dalilin da ya sa hoton ƙirji na eksire ba zai maye gurbin CT ba, ko da ya fi araha, domin sau da yawa ba ya ma ganin ƙullutu mai wannan girma.

A wata na shida direban ya koma, ƙullutu yana nan a milimita 7. A wata na 24 ma haka. Ƙullutu mai tauri da ya yi shekara biyu bai motsa ba, ana sallamar mai shi. Akwai wani iri mai dishi-dishi kamar hazo a hoto, wanda ke tafiya a hankali ƙwarai, shi akan bi shi har shekara biyar. Da a ce a wata na shida an ga ya kai milimita 10, da an tura shi wurin likitan ƙirji a yi maganar ɗebo nama ko cire shi, kuma a wannan mataki tiyata tana warkar da mafi yawan masu kansar huhu.

Inda abin ke lalacewa a wurinmu ba a ilimin likita ba ne, a tsakanin hoto na farko da na biyu ne. Likitan da ya karɓi mai hatsari hankalinsa na kan karaya, layin ƙarshe na takarda kan wuce shi. Mara lafiya ya warke, ya koma aiki, ba abin da ke masa ciwo, kuɗin CT kuwa ba kaɗan ba ne, sai wata shida ta zama shekara uku. Wani kuma tsoro ya kai shi wurin mai magani ya sha jiƙe-jiƙe, bayan shekara a ga ba abin da ya ƙaru, a ce magani ne ya yi aiki. Wani ya koma a kan lokaci amma ya bar faifan hoton farko a gida, ko ya ɓace a tashin kaya, sabon likitan hoto ya rasa abin da zai gwada da shi, a fara lissafin shekara biyu daga farko.

Saboda haka, wanda aka ce an tsinci wani abu a hotonsa, kada ya bar gaban likita sai an rubuta masa abu uku a takarda: girman abin da milimita, irin hoton da za a sake, da watan da zai dawo. In an ce ba sai an sake ba, ya nemi a gaya masa dalili. Ya ajiye faifan tare da takardar, domin likitan gaba hoton yake so ya gani da idonsa, kuma in da hali ya koma cibiyar da aka yi na farko. In kuwa kafin lokacin ya fara tarin jini, ko rama ba dalili, ko ya ga jini a fitsari, ranar da aka rubuta masa ta tashi, ya koma asibiti a makon.