Ma'anar p-value da Kuskuren da Ake Yi Mata

A ce ka jefa kwabo sau 10, duk ya faɗi a fuska ɗaya. Idan kwabon lafiyayye ne, irin wannan sakamako zai faru kusan sau 2 a cikin gwaji 1,000. Wannan adadi, 0.002, shi ne p-value.

Lura da kalmar "idan". Sai da muka ɗauka kwabon ba shi da aibi kafin muka fara lissafin, don haka lissafin ba zai juyo ya auna gaskiyar abin da aka gina shi a kai ba. Kwabon da ka karɓo daga banki da na hannun ɗan damfara p-value ɗinsu ɗaya ce, amma zarginka a kansu ya bambanta. Duk wanda ya ce maka 0.002 ita ce yiwuwar kwabon lafiyayye ne, ya yi kuskure.