Sauya Kalmomi Ba Ya Cire Warin Inji Daga Rubutu

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin ɗalibai da masu watsa labarai a intanet, na gaji da jin ta. Wai idan manhaja ta rubuta maka abu, ko ta fassara maka shi, kana kuma tsoron a gane, sai ka kai wa wata manhajar ta sauya kalmomin da 'yan'uwansu masu ma'ana ɗaya. Inda aka ce "muhimmi" a mai da shi "babba", inda aka ce "taimaka" a sa "tallafa". Wasu har suna ƙarawa da cewa a bar kuskuren rubutu biyu ko uku da gangan, tunda ɗan Adam ajizi ne. Da an yi haka, in ji su, rubutu ya zama na mutum.

Bai zama ba. Ya dai ƙara lalacewa.

Kowa ya san irin rubutun da ake magana a kai. Tun da Google Translate ta fara fassara zuwa Hausa a 2013, sannan ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, shafukanmu suka cika da wata Hausa mai santsi wadda babu wanda ke yin ta a gida ko a kasuwa. "Yana da muhimmanci a lura cewa." "A cikin duniyar yau mai saurin canzawa." "Yana taka muhimmiyar rawa." Dalilin ba ɓoyayye ba ne: irin waɗannan manhajoji suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi, kuma mafi yawansa na Turanci ne. Shi ya sa suke komawa kan jimlar da kowa zai iya faɗa a kan kowane abu.

To, me sauya kalma zai gyara a nan? Ɗauki wannan jimla: "Ilimi yana taka muhimmiyar rawa wajen ci gaban al'umma." Mai da ita "Karatu yana taka babbar rawa wajen bunƙasar jama'a." An sauya kalma huɗu, amma mai karatu bai ƙaru da komai ba. Wane ilimi? Wace al'umma? Me aka yi, wa ya yi? Jimlar fanko ce tun farko, kuma fanko ta rage. Kamar a fesa wa rigar da ba a wanke ba turare ne. Wanda ya matso kusa zai ji duka biyun.

Kuma abin bai tsaya nan ba, domin kalmomin da ake cewa ma'anarsu ɗaya ba safai suke zama ɗaya ba. "Rasuwa" da "mutuwa" ba ɗaya ba ne a bakin Bahaushe. Ba a cewa akuya ta rasu. "Bashi" daban, "aro" daban. Manhajar da ke musanya kalmomi a makance ba ruwanta da wannan. A 2021 wasu masu bincike uku, Guillaume Cabanac da Cyril Labbé da Alexander Magazinov, sun bankaɗo tarin takardun kimiyya da aka buga a mujallu bayan an bi da su ta irin wannan manhaja don a ɓoye satar rubutu. Sunayen da masana suka saba da su sun koma abin dariya. Sankarar mama, alal misali, ta koma wani abu mai kama da "haɗarin ƙirji". Wato dabarar da aka yi don ɓoye sawu ita ce ta zama sawun da aka bi aka kama su. In haka ta faru a Turanci, inda manhajojin suka fi ƙarfi, ina ga Hausa?

Su kuma masu zuba kuskure da gangan, ban san inda suka samo cewa shaidar mutum ita ce rashin iya rubutu ba. Rubutu marar ma'ana da aka ƙara wa kuskure ya tara aibi biyu ke nan.

Na san abin da ke tura mutane ga wannan: tsoron manhajojin da ke da'awar gano rubutun inji. Su ma ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan ma'auni a Janairun 2023, ya janye shi a watan Yuli na shekarar saboda ba ya yin daidai. A shekarar ce kuma wani bincike daga Jami'ar Stanford ya nuna cewa irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen jarrabawa na waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin na inji, alhali mutane ne suka rubuta. Saboda haka malamin da zai kayar da ɗalibi a kan hukuncin manhaja kaɗai ya ji tsoron Allah. Ɗalibin da aka hana shi amfani da inji amma ya yi, sannan ya zo yana shafe sawu, shi ma ya san sunan abin da yake yi. Maganata da wanda ke son rubutunsa ya isar da saƙo ce.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce shugaban wata makarantar Islamiyya yana son sanar da iyaye ƙarin kuɗin wata, aka ba shi wannan:

"Ya ku iyaye masu daraja, yana da muhimmanci a lura cewa ilimi yana taka muhimmiyar rawa a rayuwar yaranmu. A cikin duniyar yau mai saurin canzawa, makarantarmu ta himmatu wajen samar da ingantaccen ilimi, kyakkyawar tarbiyya, da yanayi mai kyau. Saboda haka, an yanke shawara ta hukumar makaranta don daidaita kuɗin makaranta. Muna ƙarfafa iyaye da su tabbatar da cewa sun biya a kan lokaci. A ƙarshe, tare za mu iya gina makoma mai haske."

Aikin farko ba na alƙalami ba ne. Ka ajiye takardar ka tambayi kanka: in na haɗu da mahaifin yaro a ƙofar masallaci, me zan ce masa? Za ka ce, "Alhaji, an fa ƙara kuɗin wata, saboda albashin malamai." Shi kuma nan take zai ce, "Nawa? Daga yaushe?" Waɗannan tambayoyi biyu su ne sanarwar, kuma babu amsar ko ɗaya a cikin jimloli biyar ɗin can. Inji bai san amsar ba, shi ya sa ya yi ta kewaye-kewaye. Kai ne ka sani, kai za ka zuba.

Sai yanka. Gwajin mai sauƙi ne: duk jimlar da za a iya ɗauka a liƙa a wata sanarwa ta daban ba tare da an taɓa ta ba, ta fita. Ta farko za ta zauna daram a jawabin kowane taron yaye ɗalibai. Ta biyu ma haka, ga ta da jerin abubuwa uku da inji ke ƙauna, ko da abu ɗaya ne ake da shi. Ta ƙarshe kuwa, mai "makoma mai haske", ko ɗan siyasa zai iya aronta. Jimla uku sun tafi, ba a rasa komai ba.

Biyun da suka rage su ne masu ɗan nama, amma ƙashinsu na Turanci ne. "An yanke shawara ta hukumar makaranta" ba ginin Hausa ba ne. Mu in mun san mai aiki, da shi muke farawa: hukumar makaranta ta yanke shawara. In ba mu son ambatonsa, sai mu ce "an yanke shawara" mu yi shiru. "Daidaita kuɗi" kuma noƙe-noƙe ne. Ƙari aka yi, a ce ƙari. "Muna ƙarfafa iyaye da su tabbatar da cewa" doguwar hanya ce zuwa "muna roƙo". Ga abin da zai fito:

"Assalamu alaikum. Muna sanar da iyayen yara cewa daga watan Muharram kuɗin wata zai tashi daga naira 1,500 zuwa 2,000. Mun san halin da ake ciki, mu ma ba da son ranmu ba ne. Albashin malamai ne ya daɗe bai motsa ba, har wasu sun fara neman wani aikin. A daure a riƙa biya kafin goma ga wata. Wanda ke da yara fiye da uku, ko kuwa abin ya yi masa nauyi, ya zo ofis mu zauna. Allah ya yi wa zuri'a albarka."

Dubi abin da ya shigo: adadi, lokaci, dalili, da sanin cewa akwai wanda zai karanta ya ji nauyi. Dubi kuma ƙananan kalmomin nan, "ma" da "ne" da "kuwa". Su da 'yan'uwansu irin "dai", "fa", "kam" da "ai" su ke nuna inda mai magana ya jingina nauyinsa, kuma fassarar inji ta kan zo babu su, tunda babu takwarorinsu a jimlar da aka fassaro. Sai dai kada wani ya ji haka ya je yana barbaɗa "dai" a kowane layi. Wannan ma wata sabuwar dabarar banza ce. Suna zuwa da kansu idan da gaske kana yi wa wani magana.

Daga nan ka karanta da ƙarfi, da baki, ba a zuci ba. Kunne na kama abin da ido ya tsallake: jimlolin da duk tsawonsu ɗaya, sakin layi uku a jere da suka fara da "Bugu da ƙari", jerin "wanda" da "wanda" har numfashi ya ƙare, da rikicin jinsi, inda "gwamnati" ta fara da "ta ce" ta ƙare da "ya ƙara da cewa". Duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, sa alama, ka faɗi abin yadda ya zo maka, ka rubuta hakan. In ka ga alamun sun fi layukan yawa, kada ka wahalar da kanka da faci. Rubuta bayanan da kake da su a gefe, ka rufe na injin, ka fara sabo. Ya fi sauri.

Akwai kuma maimaicin da ba a taɓawa. Masu gudun maimaici kan kira abu ɗaya da suna uku a sakin layi guda: makaranta a nan, "cibiyar ilimi" a can, "wannan wuri mai albarka" a gaba. Mai karatu sai ya ɗauka wurare uku ne. A takardar yarjejeniya, ko bayanin shan magani, wannan ado na iya jawo asara. In ka rubuta "cokali ɗaya" a layin farko, ka bar shi "cokali ɗaya" har ƙasa, ko sau goma zai fito, domin uwar da ke riƙe da kwalbar tana buƙatar ta tabbata cewa awon da aka faɗa mata da safe shi ne na dare.